Tambayoyi da Amsoshi: Saƙon Neman Zaman Gwaji na Dare Kafin Jarrabawar ICAN

Wannan shafi na ma'aikacin da ke wuni a ofis ne, kuma ya yi rajistar jarrabawar ICAN, cibiyar ƙwararrun akantocin Nijeriya da doka ta kafa a 1965. Yana da abokin karatu, amma ba su cika haɗuwa ba, don haka yana so ya aika masa saƙo su tsayar da dare ɗaya a mako su riƙa yi wa juna tambayoyi ta waya. Misalan duk daga darasin lissafin kuɗi da na haraji na ɗauko su.

Mutum ne da muka saba. Me ya sa sai na tsara saƙo, ba zan faɗa masa da baki kawai ba?

Saboda maganar baki a irin wannan kusan kullum da "to, sai mun yi waya" take ƙarewa. Shi ya amince, kai ka amince, amma ba wanda ya ambaci rana, ba wanda ya san wa zai kawo tambayoyi. Mako biyu sai su wuce kowa yana jin nauyin tuna wa ɗan'uwansa. Saƙon da aka rubuta shi ne yarjejeniyar kanta. Idan ya ƙunshi rana, lokacin farawa, lokacin tashi, darasin da za a taɓa da ranar da za a daina, abin da ya rage wa abokinka shi ne ya ce i, ko ya ce a'a, ko ya gyara abu ɗaya. Mutumin da ya dawo daga aiki a gajiye zai iya wannan. Abin da ba zai iya ba shi ne ka jefa masa "ya kamata mu riƙa karatu tare" ka bar shi da tsarawa.

To yaya saƙon zai kasance?

Ga misali daga wani ma'aikaci zuwa abokin karatunsa da ya ɗan girme shi:

"Assalamu alaikum Yaya. Barka da dare, ya aiki, ya iyali? Na lissafa saura mako goma mu shiga jarrabawa, kuma na lura karatun da nake yi ni kaɗai ba ya zama. Ina gane abu idan littafi yana buɗe, da na rufe sai ya gudu. Ga abin da nake roƙo, in ba zai takura maka ba: kowace Laraba mu haɗu ta kiran WhatsApp daga ƙarfe 9:30 zuwa 10:30 na dare, mu yi wa juna tambayoyi, littafi a rufe. Kowa ya zo da gajerun tambayoyi shida da ta lissafi guda ɗaya, tare da amsoshinsu a rubuce. Larabar farko mu ɗauki IAS 16, ƙa'idar lissafin kadarori irin su injuna da gine-gine, ta biyu IAS 2 ta kayan haja, sauran mu tsara tare. Wanda wani uzuri ya riƙe ya sanar kafin magariba, sai mu mayar da shi Alhamis. Mu gwada sau uku tukuna. Idan ka ga ba ya ƙara maka komai, ka faɗa min kai tsaye, wallahi ba zan ji komai ba. In Laraba ba ta yi maka ba, ka zaɓi daren da ya fi maka sauƙi. Allah ya ba mu sa'a. A gaida Anti da yara."

Abubuwa biyu nake so a lura da su. Na farko, mai saƙon ya faɗi matsalarsa shi, bai ce "na ga kai ma ba ka karatu" ba. Na biyu, ya buɗe ƙofar fita da wannan "mu gwada sau uku". A wurinmu mutum yana iya amsa abin da ba ya so don kunya, sannan ya riƙa ƙin ɗaga waya. Gara ka ba shi hanyar ƙi da mutunci tun farko da ka zauna ƙarfe goma saura kana kira tana ta ƙara.

Me ya sa gwaji? Ba zai fi kyau mu karanta babi tare ba?

Karatun babi kowa zai iya yi shi kaɗai, a mota ko a hutun azahar. Abin da ba ka iya yi wa kanka da kyau shi ne tambayar da ba ka san tana zuwa ba. Idan ka sake karanta shafin da ka taɓa gani, idonka yana gane shi, sai zuciyarka ta ce ai ka sani. Gane abu a shafi daban, ciro shi daga ka ba tare da shafi ba daban, kuma na biyun ne ake ba wa maki.

An gwada wannan. A 2006 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai gajerun rubuce-rubuce. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu kuma aka sa su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda, masu ƙoƙarin tunowa suka wuce su. Ma'aikacin da ke karatu yau don jarrabawar da ke nan da wata biyu, sakamakon mako gudan ne ya shafe shi.

Wannan ne ma dalilin da ya sa minti goman farko na kowane zama ba na sabon darasi ba ne. Na tambayoyin da aka kasa amsawa makon jiya ne, a sake yin su, amma a canja alƙaluman.

Wane dare ya fi, kuma ƙarfe nawa?

Bayan isha'i da abincin dare, lokacin da gida ya ɗan lafa. Ga mafi yawan mutane hakan yana kamawa tsakanin tara da tara da rabi. Awa ɗaya ta isa. Wanda zai tashi asuba ya kuma kasance a ofis ƙarfe takwas, idan ya kai sha biyu yana lissafi, washegari ya biya bashin da barci a kan tebur, kuma mako na uku zai fara neman uzuri. A rubuta lokacin tashi a cikin saƙon, a kuma tashi ko ana tsakiyar gardama.

Daren Litinin mutane a jigace suke. Daren Juma'a da na Asabar kuma na biki ne da ziyara da tafiye-tafiye. Shi ya sa na fi son Talata ko Laraba, don in an rasa akwai sauran dare a cikin makon da za a rama. Akanta kuma ya duba kalandarsa kafin ya aika saƙo: ranakun rufe lissafin wata, da makon da ake gaggawar miƙa bayanan harajin VAT kafin 21 ga wata, ba ranakun da zai dawo gida da wuri ba ne. Idan Larabar ta faɗo a kansu, a faɗa tun yanzu a matsar da ita. Idan makonnin sun shiga azumi, sai bayan tarawihi, kuma a rage zuwa minti arba'in.

Da me za mu haɗu?

Kiran murya na WhatsApp ya wadatar, kuma ya fi bidiyo jure raunin sabis da ƙarancin data. Tambayar lissafi a tura ta a rubuce, mai amsa ya yi aikinsa a takarda ya ɗauki hoto ya turo. Zoom na kyauta yana yanke zama a minti 40. Google Meet na kyauta yana barin mutum biyu su daɗe, amma idan kun kai uku zai tsaya a awa ɗaya. A caja waya tun da rana, a ajiye fitila kusa, don kada ɗauke wuta ya zama dalilin tashi.

Yaya za a raba awa ɗayar?

Minti goma na kurakuran makon jiya. Sai minti ashirin ɗaya yana tambaya: gajeru shida, kowace minti ɗaya, sai ta lissafi mai maki biyar a minti tara, ragowar mintunan a yi bayani. Sai a juya, ɗayan ma ya yi ashirin ɗinsa. Goman ƙarshe na rubuta abin da aka kasa amsawa ne da tsayar da darasin mako mai zuwa.

Minti taran nan ba kintace ba ne. Takardar da aka ba awa uku na rubutu kuma take da maki 100, kowane maki yana da minti 1.8. Tambaya mai maki biyar minti tara ke nan, mai maki ashirin minti 36. Duba saman tsohuwar takardar darasinka ka ga lokacin da aka ba ta, ka raba da makin. Mai tambaya shi ke riƙe agogo, kuma idan lokaci ya cika ya ce a turo hoto ko ba a gama ba. A nan ne kara take yi wa mutane illa. Ƙarin minti biyun da Yaya ya yi maka don zumunci, mai sa ido a zauren jarrabawa ba zai yi maka shi ba.

Daga ina za mu samo tambayoyin?

Daga tsofaffin takardu. ICAN tana fitar da Pathfinder bayan jarrabawa, mai ɗauke da tambayoyin, da amsoshi, da bayanin masu dubawa kan inda ɗalibai suka fi zamewa. Wannan bayanin masu dubawa shi ne ma'adanar gajerun tambayoyi: duk inda suka ce yawancin ɗalibai sun kasa, mayar da shi tambaya ka kai wa abokinka.

Sai dai tsohuwar amsa tana iya zama kuskure a yau, kuma wannan ne haɗarin da ya fi girma ga mutum biyu da ba malami a tsakaninsu. Takardar haraji da aka yi kafin Fabrairun 2020 za ta lissafa VAT a kashi 5 cikin ɗari, alhali daga lokacin ya koma 7.5. Tambayar haya da aka amsa da IAS 17 ta tsufa, don IFRS 16 ta maye gurbinta daga Janairun 2019, kamar yadda IFRS 15 ta maye gurbin IAS 18 kan kuɗin shiga daga 2018. Sannan ga sabbin dokokin harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 suka fara aiki a Janairun 2026. Don haka duk wanda ya kawo tambaya ya faɗi shekarar da ya ɗauko ta, kuma kafin zaman farko ku biyun ku sauke manhajar karatun da ICAN ta ce za a yi jarrabawarku a kanta, ku tabbatar da dokokin da za a tambaya. In ba haka ba za ku haddace kuskure ɗaya ku biyu, kowa yana ƙarfafa wa ɗan'uwansa gwiwa a kai.

A ba mu misalin tambayar lissafi mai kyau.

Mai kyau ita ce wadda amsar da ba daidai ba take nuna ainihin inda mutum ya zame. Ga ɗaya a kan IAS 16.

Kamfani ya sayi inji ranar 1 ga Afrilu a kan naira 12,000,000. Ya biya 600,000 kuɗin dako, 900,000 kuɗin kafawa, da 300,000 na horar da ma'aikatan da za su riƙa sarrafa shi. An gama kafawa, inji ya zama a shirye ranar 1 ga Yuli. Ana sa ran zai yi aiki shekara takwas, a sayar da shi a kan 1,500,000 a ƙarshe. Ana rage darajarsa daidai wa daida kowace shekara, kuma shekarar lissafi tana ƙarewa 31 ga Disamba. Nawa ne raguwar darajar shekarar farko?

Kuɗin da ke shiga darajar inji su ne na saye, dako da kafawa, don su ne suka kawo shi wurin da yanayin da zai yi aiki. Jimilla 13,500,000. Kuɗin horo ba ya shiga, kashewa ce ta wannan shekara. A cire 1,500,000 na ƙarshe, saura 12,000,000, a raba takwas, 1,500,000 a shekara. Raguwar daraja tana farawa ne ranar da kadara ta zama a shirye don aiki, wato 1 ga Yuli, ba ranar saye ba. Wata shida ke nan, amsa 750,000.

Yanzu ga amfanin tambayar ga mai riƙe da amsa. Idan abokinka ya ce 768,750, ba sai ka ga takardarsa ba: ya cusa kuɗin horo, ya samu 13,800,000. Idan ya ce 1,125,000, ya fara ƙirga daga Afrilu, wata tara. Idan ya ce 843,750, ya manta ya cire kuɗin sayarwa na ƙarshe. Idan ya ce 1,500,000, ya yi komai daidai amma bai duba watanni ba, wanda yawanci gaggawa ce ba rashin sani ba. Mai shirya tambaya ya lissafa waɗannan amsoshi na kuskure tun a gida ya rubuta su a gefe. Wannan aikin yana ɗaukar kamar kwata na awa, kuma a ganina shi ne rabin ribar zaman, don wanda ya iya hango inda wani zai faɗi da wuya shi ya faɗa a wurin.

Kada ka faɗa masa kuskuren nan take. Ka ce, "Yaya, karanto min abin da ka sa a darajar injin." Sau da yawa kafin ya kai ƙarshen jerin zai ce "kash, horon!" Abin da ya kamo da kansa ya fi zama.

Makon da ke biye, a minti goman farko, tambayar ta dawo da wasu alƙaluma da wani tarkon daban a gurbin horo, misali kuɗin bikin buɗe masana'anta ko na talla, waɗanda su ma ba sa shiga.

Da Hausa za mu yi ko da Turanci?

Tambaya da amsa da Turanci, don da shi za a rubuta jarrabawar, kuma sai baki ya saba da kalmomin kafin hannu ya rubuta su da sauri. Bayani da gardama kuwa da Hausa. Wanda ya iya bayyana maka da Hausa dalilin da ya sa kuɗin horo ba ya shiga, wato kamfani ba shi da iko a kan ma'aikacin da ya horar, gobe zai iya ajiye aiki ya tafi da iliminsa, to ya gane, ba hadda ya yi ba.

Wannan zaman zai ishe mu cin jarrabawar?

A'a. Ana cin kowace takarda da maki 50, kuma a matakan sama yawancin makin yana cikin dogayen tambayoyin rubutu. Haɗa lissafin uwar kamfani da na reshenta, ko tsara cikakken bayanin shige da ficen kuɗi, aiki ne na fiye da rabin awa a zaune da biro, ba a yin sa a kiran dare. Zaman Laraba yana kama ƙa'idoji, ma'anoni, ƙananan lissafi da tarkuna. Doguwar tambaya kowa ya yi tasa ranar Asabar ko Lahadi da agogo a gabansa, ya tura wa ɗan'uwansa hoto, shi kuma ya duba da amsar Pathfinder a hannu. Kada a saka wannan a saƙon farko, zai yi nauyi. Bayan zama na uku, idan abu ya kama, sai a kawo shi.

Yaya za mu gane zaman ya fara lalacewa?

Alama ta farko, kowa yana cin shida bisa shida. Ba ƙwarewa ba ce, tausayin juna ne ya shiga, ko kuma kowa yana kawo tambaya daga inda ya san abokinsa ya iya. Zaman da ba a faɗi ko tambaya biyu ba bai gano komai ba. Ta biyu, gaisuwa da labarin ofis sun cinye kwata na awa. Maganin wannan shi ne a bar hira zuwa bayan 10:30, mai so ya tsaya. Ta uku, wani ya fara zuwa ba tambayoyi yana cewa "kai dai yi min naka". Ta huɗu ita ce shirun da ake jin ƙarar buɗe shafi a cikinsa. Ba sai an yi zargi ba, a tuna dai cewa "ban sani ba" amsa ce karɓaɓɓiya, kuma ita ce ke shiga jerin mako mai zuwa.

A riƙe wannan jeri a wuri ɗaya, ko littafi ko saƙon da aka maƙale a saman hirarku: kwanan wata, darasi, da kuskuren a jimla ɗaya. Idan abu ɗaya ya fito sau uku, ya wuce gwaji. Komawa littafi yake so, ko a kai wa malamin darasi.

Idan ya fi ni sani nesa ba kusa ba fa? Ko idan abokiyar karatun mace ce?

Idan ya fi ka a lissafin kuɗi, duba inda ka fi shi, wataƙila haraji ko dokar kasuwanci, ka ambata a saƙon don ya ga shi ma zai ƙaru. In babu, ka faɗi gaskiya cewa taimako kake nema, ka rage lokacin zuwa rabin awa.

Kiran dare tsakanin namiji da mace, musamman masu aure, abu ne da ya kamata mutanen gida su sani tun kafin a fara. Saƙon da kansa ya ce "in maigida ya amince" ko "na sanar da iyalina". Mafi sauƙi a ƙara mutum na uku, a buɗe zaure ɗaya da duk saƙonni za su riƙa bi. Idan an zama uku, kowa ya rage gajerun tambayoyinsa zuwa huɗu, ta lissafi kuma a riƙa karɓa-karɓa, don awa ɗayar ta isa.

Na aika, bai amsa ba. In sake?

Sau ɗaya, bayan kwana biyu, a taƙaice: "Yaya, ko ka ga saƙona? In ba hali ba komai." Idan shiru ya ci gaba, amsa ce. Nemi wani a ajin darasinku da ke rubuta takarda ɗaya da kai a zango ɗaya, don wanda zai rubuta wata takarda daban ba zai iya gane kuskurenka daga alƙalami ba.

A makon jarrabawa ma za mu zauna?

Zama na ƙarshe ya kasance aƙalla kwana huɗu ko biyar kafin takardar farko, kuma ba sabon darasi a cikinsa. Jerin kurakuran nan kawai za a bi daga sama har ƙasa, kowa ya tambayi ɗan'uwansa nasa, wanda har yanzu yake kuɓucewa a sa masa alama don a duba shi da rana. Daren jajibiri ba a kira. A shirya kalkuleta, biro da takardar shiga zaure, a duba sunan cibiya da lokacin farawa, a kwanta da wuri.